Fassarar Mayarwa a Matsayin Ma'aunin Saƙo: Sharhi da Misalai Daga Katako, Jos

1.0 Gabatarwa

Fassarar mayarwa hanya ce ta gwada fassara. Mutum na farko ya fassara saƙo daga harshen asali zuwa wani harshe, sannan a miƙa fassarar ga mutum na biyu wanda bai taɓa ganin asalin ba, shi kuma ya mayar da ita harshen da ta fito. Daga nan sai a ajiye asalin da abin da ya dawo gefe da gefe. In sun dace, a ce fassara ta yi. In sun saɓa, a nemi inda aka kauce. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa hukunci na biyu yana da amfani, amma na farko ba shi da tushe mai ƙarfi. Dacewar matani biyu na Ingilishi ba ta tabbatar da cewa mai sauraron Hausa ya ji abin da aka nufa. Za a kafa hujja da misalai waɗanda aka tsara domin jama'ar Kasuwar Katako da ke Jos.

2.0 Hanyoyi Biyu Masu Suna Ɗaya

Masana ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa sun fi danganta wannan hanya ga Brislin (1970), wanda ya gwada ta a kan ɗalibai masu harshe biyu a Jami'ar Guwam. A wajen waɗanda suka bi sawunsa, mayarwa ita ce shaida: ana fassara takardar tambayoyi, a mayar da ita, a ƙirga wuraren da ma'ana ta sauya.

Akwai kuma wata al'ada ta daban, wadda Jos na ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta a Afirka ta Yamma. Tun daga 1976 Cibiyar Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda ta gaji aikin Cibiyar Nazarin Harsuna da ta gabace ta, take da mazauni a Jos, kuma littafin koyar da fassara na Katharine Barnwell ya daɗe yana hannun masu wannan aiki. A wannan al'ada, mai duba fassara sau da yawa ba ya jin harshen da aka yi fassarar cikinsa, ko Birom ne ko Angas ko Tarok. Don haka sai a mayar masa da matanin zuwa Ingilishi, ana bin kalma da ginin jimla kusa da kusa, domin ya ga yadda aka ƙulla zancen ya sami abin tambaya. Bayan haka ana karanta fassarar ga mai harshen da bai san nassin ba, a ji abin da ya fahimta.

Bambancin a fili yake. Hanya ta farko ta ɗauki mayarwa a matsayin alƙali, ta biyu kuwa ta ɗauke ta a matsayin taga. Sukar da ke tafe ta shafi ta farko.

3.0 Misali: Allurar Shawara

An zaɓi Katako ne saboda yanayin harshenta. Kasuwa ce ta katako da hatsi da gwanjo, inda Bahaushe da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Bayarabe suke ciniki da Hausa, alhali ga da yawansu Hausa harshe na biyu ce ko na uku. Saƙon da aka kawo nan zai shiga kunnuwa iri-iri.

A ɗauka cewa ana son faɗakar da 'yan kasuwa game da zazzaɓin nan mai kisa da sauro ke yaɗawa, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan launin rawaya, wanda kuma ya yi annoba a tsaunukan Jos a 1969. Asalin saƙon na Ingilishi yana cewa allura guda ta rigakafin wannan cuta tana kare mutum tsawon rayuwarsa, kuma ana yi wa yara ita suna da wata 9. Duka biyu gaskiya ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2013 cewa ba a bukatar maimaita allurar. Mai fassara ya rubuta:

(1) Allurar rigakafin shawara sau ɗaya tana kare mutum har ƙarshen rayuwarsa. Ka kawo yaronka idan ya kai wata 9.

Aka miƙa (1) ga malamin asibiti mai jin harsunan biyu. Shi ya saba ganin kalmar shawara a takardun rigakafi a madadin wannan cuta, saboda haka nan take ya mayar da ita da sunanta na Ingilishi. Ya mayar da ka da wakilin sunan Ingilishi na mutum na biyu, ya mayar da yaro da kalmar da ta haɗa mace da namiji. Abin da ya dawo ya yi daidai da asali kusan kalma da kalma. Bisa ƙa'idar gwajin, fassarar ta ci jarrabawa. Amma akwai ɓaraka biyu da suka wuce ba a gani ba.

3.1 Faɗin Ma'ana

A bakin jama'a, shawara suna ne na alama kafin ya zama sunan cuta guda, wato ido da fata su koma rawaya. Ciwon hanta yana kawo ta, sikila tana kawo ta, maleriya mai tsanani tana iya kawo ta, jarirai da yawa kuma suna yin ta a kwanakin farko na haihuwa. Allurar da ake magana a kai ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ke nan jimla ta (1) ta yi alkawarin da asalin bai yi ba. Uwar da aka yi wa ɗanta allura, bayan shekara biyu idonsa ya yi rawaya saboda ciwon hanta, tana da hujjar cewa allurar ƙarya ce, kuma za ta gaya wa maƙwabtanta. Wata kuma za ta iya jinkirta zuwa asibiti, tana ganin ai an riga an yi masa rigakafi.

Dalilin da ya sa gwajin bai kama wannan ba shi ne, mai mayarwar ya san abin da ya kamata a ce, sai ya ƙuntata kalma mai faɗi ta koma ma'anar da aka nufa. Ƙwarewarsa ce ta rufe kuskuren. Wannan ita ce babbar illar hanyar: gwargwadon gwanintar mai mayarwa, gwargwadon yadda yake gyara fassara a zuciyarsa ba tare da ya sani ba.

3.2 Abin da Ingilishi ba ya Rarrabewa

Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi ka ko ki ko ku, Ingilishi kuwa kalma ɗaya gare shi ga dukansu. Duk wanda aka zaɓa, kalma ɗaya ce za ta dawo. Jimla ta (1) tana magana ne da namiji guda, alhali mata ne suka fi kai yara wajen allura. Haka nan yaro yana iya ɗaukar ma'anar ɗa namiji, ya bar yarinya a waje. Gaskiya ne cewa a Hausar masu harshe na biyu a Jos bambancin jinsi yakan yi rauni, ta yadda wani ba zai damu da ka ba. Amma Bahaushiyar da ke sayar da abinci a gefen rumfarsa za ta ji cewa da mijinta ake. Duk bambancin da harshen fassara yake yi wanda harshen asali ba ya yi, to ya fita daga ikon wannan gwaji.

4.0 Matsalar Rubutu da Furuci

Akwai wata matsala da ta keɓanci rubutun boko, domin daidaitacciyar ƙa'idarsa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. A duba wannan tambaya da za a iya yi wa 'yan katako:

(2) Kana samun riba a kuɗin da ka ajiye a banki?

Kalmomi biyu ne ake rubutawa riba. Ɗaya tana da dogon wasali da karin sama a gaɓar farko, tana nufin abin da ɗan kasuwa ke ci bisa uwar kuɗi. Ɗayar tana da gajeren wasali da karin ƙasa a gaɓar farko, tana nufin kuɗin ruwa da Musulunci ya haramta. Mai mayarwa yana karatu da ido, zai zaɓi wadda ta dace da banki, kuma gwaji ya wuce lafiya. Amma a kasuwa da baki za a karanta tambayar. Mai tambaya ɗaya ya furta ta farko, wani ya furta ta biyu, sai ya zama an yi tambayoyi biyu, ɗaya ta ciniki, ɗaya mai kama da tuhuma. Amsoshin da aka tara ba za su haɗu a lissafi ɗaya ba. Rubuta kuɗin ruwa ya kawar da shubuhar, amma kunne ne zai gano bukatar hakan.

5.0 Inda Hanyar Take da Amfani

Ba a cewa a watsar da fassarar mayarwa. Tana kama kuskure na zahiri: jimlar da aka tsallake, korewar da ta ɓace, wata 9 da ya koma shekara 9. Tana kuma ba wanda ba ya jin Hausa damar shiga tattaunawa. Sai dai a kiyaye sharuɗɗa uku. Na farko, mai mayarwa kada ya kasance masanin fannin. Na biyu, a umarce shi ya rubuta duk ma'anonin da kalma ke ɗauka, ya kuma nuna jinsi da adadin wanda ake magana da shi. Na uku, a karanta fassarar da baki ga mutanen da aka nufa, a yi musu tambayar da ba ta ɗauke da amsa. Ga misali na (1), tambayar ita ce: wane irin ciwo ne wannan allura ba za ta hana ba? Duk wanda ya ce ta hana kowace irin shawara ya tona ɓarakar.

Gyaran ma yana bukatar gwaji. In aka ce shawarar cizon sauro, za a iya rikita ta da zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya. Zai fi kyau a tsawaita:

(3) Allura ɗaya tana kare mutum har ƙarshen rayuwarsa daga zazzaɓin shawara mai annoba. Ba ta hana sauran ire-iren shawara, ba ta kuma hana maleriya. Ku kawo 'ya'yanku, maza da mata, idan sun kai wata 9.

Abin lura shi ne, idan aka mayar da (3) zuwa Ingilishi, za ta fi (1) nisa da asali, domin tana da jimlar da asalin ba shi da ita. Mai bin ƙa'idar dacewa zai fifita (1), ya soke (3).

6.0 Kammalawa

An ga cewa fassarar mayarwa tana auna dangantakar matani da matani, alhali abin da ake son sani shi ne dangantakar saƙo da mai sauraro. Saɓani tsakanin asali da abin da ya dawo dalili ne na bincike. Dacewa kuwa ba dalilin kwanciyar hankali ba ce. Saboda haka ya kamata masu nazari da masu duba kundin ɗalibai su daina karɓar jimlar nan ta cewa an fassara an kuma mayar a matsayin cikakkiyar shaida. A tambayi wane ne ya mayar, me ya sani game da fannin, su wa aka karanta wa fassarar, kuma me suka ce sun ji.