Kallon Mako-Mako Bashi Ne

Mai fara kallon wasan mako-mako bashi ya bayar, domin bai san ko za a biya shi da ƙarshe mai ma'ana ba. Dubi Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara a 2020. Da Nafisa Abdullahi ta fita a 2022, sai aka wayi gari Sumayya ta sake fuska.

A ƙauyukanmu na Watari kuwa, mai tura fim a waya yakan haɗa zango guda cur. Nan sai ka tambayi wanda ya gama, kana ka saya.

Saboda haka wasan barkwanci irin Gidan Badamasi, mai ba da dariyarsa nan take, a bi shi mako-mako. Mai doguwar sarƙa kuwa, a jira zango ya cika.