Miƙa hannun amana: yadda ake gabatar da sabon ma'aikacin bashi a Maraɗi

A Maraɗi da wuya ka ji ɗan kasuwa ya ce bankina kaza. Abin da zai ce shi ne "yaronmu na banki", ya kama sunan wanda ke zuwa kan moto ya zauna bakin kantinsa, ya sha shayi, ya duba karne. Wannan ma'aikacin shi ke riƙe da dosiyen mutum, shi ya san lokacin da kuɗi ke shigo masa da lokacin da hannunsa ke bushewa. Ranar da aka ce an yi wa ma'aikacin canjin wuri zuwa Damagaram, ko wani asusun ya ɗauke shi da albashi mafi tsoka, duk mutanen da ke hannunsa sai su ji kamar hulɗar ta tsinke. Takardu suna nan cikin ofis, amma yardar tana tare da wanda ya tafi. Akwai shugabannin reshe da suka iya maido da wannan yardar su ɗora ta kan sabon mutum, kuma aikin nasu ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a garin. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986, sun gina kasuwancinsu ne bisa dangantakar ubangida da bara. Alhaji ba ya aika sabon yaro wurin abokin cinikinsa na Jibiya ko Katsina da takarda kawai. Yakan kai shi da ƙafarsa, ko ya haɗa shi da wani tsohon bara da aka sani, a ce wannan namu ne, abin da ya faɗa mu muka faɗa. Shugaban reshe mai basira wannan hanyar yake bi, sai dai shi yana da ƙarin nauyin littattafai da dokokin BCEAO a kansa.

Wanda na fi ganin ƙwarewarsa wani dattijo ne da ke shugabantar reshen wani asusun bashi a cikin gari. Aikinsa yana farawa tun kafin tsohon ma'aikaci ya ajiye makulli. Yakan zaunar da shi tare da sabon, a ɗauki dosiye ɗaya bayan ɗaya, kuma tambayar da yake maimaitawa ita ce: "Me ka yi masa alkawari da baki wanda ba ya cikin takarda?" Nan ne matsala ke kwana. Wani an ce masa idan ya gama wannan bashin za a ninka masa na gaba. Wata an ce mata ta jinkirta zubi har bayan bikin ɗiyarta. Mai tafiya ba ya ɓoye waɗannan don mugunta, mantuwa ce da sabo. Amma idan sabon ma'aikaci ya je ya ce bai san zancen ba, mutumin ba zai ce an manta ba, zai ce an yaudare shi. Abu na biyu da dattijon ke karɓa shi ne layin salula na aiki. Mutane da yawa lambar ma'aikacin kaɗai suka sani, har wasu kan tura masa zubi ta Nita ko Al Izza da sunansa. Idan lambar ta tafi da shi, kuɗin mutane za su ci gaba da bin sa har inda ya koma.

Bayan haka ba ya ɓata lokaci. Labari a kasuwar Maraɗi ba ya kwana, kuma idan mutum ya ji tafiyar ma'aikacinsa daga bakin maƙwabcin rumfa, zai ji ta ne da ƙari: an kore shi, ya ci kuɗi, asusun zai rufe. Don haka cikin makon farko yake fita, kuma ba da manyan masu ajiya yake farawa ba. Yana farawa da waɗanda zubinsu ya kusa, da waɗanda lissafinsu ke da alamar tambaya.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan yana Jiratawa, inda gandun noman rani da hukumar ONAHA ke kula da shi yake tun farkon shekarun 1980, ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki. Wani Alhaji mai sayar wa manoman gandun taki da iri ya karɓi jika 900 a farkon rani, zai biya sau shida, jika 150 kowane wata, ban da ribar asusun. Littafin ofis ya nuna zubi biyu, saura jika 600. Dattijon ya lura cewa mutumin bai taɓa yin latti ba a basussukansa na baya, ga shi yanzu wata guda ya wuce babu komai. Sai ya ɗauki sabon yaron suka tafi da hantsi, lokacin da manoma suka shiga fadama kanti ya yi sauƙi.

An shimfiɗa tabarma, aka gaisa har aka kai ga tambayar iyali da yanayin ruwa a gandu. Yaron yana gefe, bai buɗe jaka ba. Sai da aka kawo ruwa aka sha, dattijon ya ce: "Alhaji, yaronku an kai shi wani gari, aiki ya kira shi, yana gaishe ku. Ga ƙanensa na kawo maku da kaina. Abin da ke tsakaninku da mu yana nan yadda yake, kuma in ya yi maku ba daidai ba, ƙofata kun san ta." Maganar gajera ce, amma ta ɗauki abubuwa uku: ta faɗi tafiyar ba tare da ɓata sunan kowa ba, ta ɗora sabon a kan mutuncin dattijon, ta kuma bar wa Alhaji hanyar kai kuka sama da yaron.

Daga nan ya ce a kawo karne. Bai karanta adadin yadda yake a takardar ofis ba, ya faɗe shi da jika yadda ake lissafi a kasuwa, don kada a samu saɓani tsakanin mai ƙirga tamma da mai ƙirga dala. Da ya ce saura jika 600, fuskar Alhaji ta canza. Ya ce shi zubi uku ya yi, saura 450, na ukun ranar wata Juma'a ya ba wancan yaron hannu da hannu a kasuwar Maraɗi. Ga sa hannu a karne, amma babu rasi mai hatimi.

A nan ne ake gane gwani. Wanda bai iya ba zai ce littafin ofis ba ya ƙarya, ko kuma don neman shiri ya ce to shi ke nan an yarda, alhali ba shi da ikon share jika 150 da baki. Dattijon ya sa sabon ma'aikacin ya rubuta lambobin biyu a takarda ɗaya, abin da ofis ya ce da abin da Alhaji ya ce, ya ɗauki hoton shafin karnen, dukansu suka sa hannu. Sannan ya ba da rana: Alhamis za a kawo amsa, kuma kafin nan ba wanda zai lissafa masa tarar latti. Da aka koma aka bi kuɗin da suka shiga wannan Juma'ar, sai aka tarar sun shiga, amma cikin asusun wani mai suna iri ɗaya. Aka gyara. Ranar Alhamis dattijon bai koma Jiratawa ba, yaron ya aika shi kaɗai da takardar da ke nuna 450. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk aikin. Ranar da lissafi ya saɓa, shi ya zauna gaban Alhaji ya ɗauki nauyin, da amsa mai daɗi ta fito kuma sai ya bar wa yaron ya kai. Zuwan yaron na farko shi kaɗai ya zama ranar da ya maido wa Alhaji haƙƙinsa, kuma ɗan kasuwa ba ya manta irin wannan.

Alkawarin baki ma ya fito a wancan zaman na farko. An ce wa Alhaji zubi na huɗu zai iya jira har a cire albasa, tunda manoman da ya ba taki bashi sai sun sayar za su biya shi. Dattijon bai musa ba, tun a ofis mai tafiyar ya faɗa masa. Ya dai bayyana cewa jinkirin da ba a rubuta ba, na'ura latti take ganinsa, kuma zai ɓata masa suna idan ya zo neman bashi na gaba. Yaron ya rubuta takardar neman ɗage ranar, ya kai wa kwamitin bashi da kansa.

A Tibiri salon ya bambanta, don yawancin dosiyen na ƙungiyoyin mata ne, irin tsarin Mata Masu Dubara da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Ba a kiran shugabar ƙungiya ita kaɗai a gefe, don sauran za su yi zargin an ƙulla wani abu a bayansu. Ana jiran ranar zubinsu, a zo gaban kowa, ma'ajiya ta buɗe akwati, a karanta saura da ƙarfi. Idan wadda ta tafi mace ce kuma sabon namiji ne, sai an fara gaida mai unguwa da maigidan da ake taro a gidansa, a nemi izini, a kuma yarda a zauna a zaure ko ƙofar gida. Tibiri garin Sarkin Gobir ne, baƙon da ya shiga unguwa da jakar kuɗi ba tare da ya gaida masu ita ba ya jawo wa kansa jan ƙafa na watanni. Dattijon yakan ce wa shugabar: "Inna, ga ɗanku, ku riƙe shi, in ya yi kuskure ku gyara masa."

Akwai lokacin da tsohon ma'aikaci ya tafi da laifi na gaske. Ko a nan ba a zaginsa gaban mutane, don wanda ka zaga jiya shi ne ka ce su yarda da shi bara. Amma ba a yi masa ƙaryar yabo kuma. Ana faɗin abin da zai kare mutum: daga yau kada a ba shi ko dala da sunan asusun, kowane zubi sai da rasi mai hatimi, ga lambar da za a kira.

Ana gane ko miƙawar ta kama a zubin farko da na biyu. Idan mutum ya ci gaba da tsallake yaron yana kiran shugaban reshe kan ƙaramin abu, ko ya fara aiko ɗansa da kuɗi maimakon ya zo, ko mai ajiya ya shiga cire kuɗinsa kaɗan-kaɗan ba tare da hidima ta taso ba, to bai karɓi sabon ba tukuna, wataƙila ma yana shirin bin tsohon zuwa inda ya koma. Wasu za su bi shi ko me aka yi, musamman waɗanda suka haɗa dangi ko unguwa. Sauran kuwa dattijon yana da hanyarsa. In suka kira shi yakan saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, sannan ya ce yaron zai zo da amsa kafin la'asar, kuma ya tabbatar ya je.