Gaɗa Da Koyon Jiran Layi A Ajin Ƙananan Yara

Wanda ya tashi a cikin birnin Katsina, ko a Rafindaɗi ko wajen Ƙofar Marusa, ya san yadda 'yan mata ke yin da'ira bayan sallar isha'i idan farin wata ya fito. Ɗaya tana ba da waƙa, saura suna tafi suna amshi, ana shiga fili bi da bi. Manazarta adabin baka sun fi duba kalmomin waƙoƙin gaɗa. Ni tsarinta ne ya fi jan hankalina, domin a cikinsa yarinya 'yar shekara huɗu, wadda ta biyo yayarta dandali, take fara sanin cewa layi zai zo kanta idan ta jira.

A ɗauki wasan Ɗan Maliyo. Yarinya ɗaya ce ke tsakiya tana taka rawa, amma babu wadda ke zaune hannu rabbana. Mai jira tana da aiki: hannunta na tafi, bakinta na amshi. Jiran kuma yana da iyakar da kunne ke ji, domin waƙa na kaiwa ƙarshe ta tsakiya za ta fita, ta kusa da ita ta shiga. Ƙaramin yaro bai san minti biyu ba. Idan aka ce masa "jira kaɗan", an ba shi abin da ba zai iya aunawa ba. Amma ya san ƙarshen waƙa, kuma yana iya ƙirgawa da ido: saura mutum uku kafin ni.

Wannan tabbaci shi ne ginshiƙin al'amarin. A wani bincike da Celeste Kidd da abokan aikinta suka wallafa a 2013 daga Jami'ar Rochester ta Amurka, an ba yara alewa aka ce idan sun jira za a ƙara musu. Waɗanda aka riga aka cika wa wani alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3 kawai. Haƙurin yaro yana bin amanar da ya gani. Da'irar gaɗa ba ta tsallake kowa, shi ya sa ake jira a cikinta.

To me ya sa wasan kan watse idan aka kai shi aji? Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 aka sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma makarantun firamare da na Islamiyya da yawa sun buɗe azuzuwan share fage. Matsalar tana cikin lissafi. A ce malama tana da yara 40, ta jera su a da'ira ɗaya, kowa na samun daƙiƙa 20 a tsakiya. Na ƙarshe zai jira minti 13. Tun kafin a kai rabi za a ga alamu: tafi ya yi sanyi, da'ira ta fara matsewa zuwa tsakiya, wani ya kutsa ba layinsa ba, wani ya zauna yana wasa da takalmi. Ba rashin tarbiyya ba ne, an ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Idan aka raba su gida biyar, takwas-takwas, jiran bai kai minti 3 ba, kuma kowa zai shiga sau biyu ko uku kafin a gaji. A dandali ma da'ira ba ta cika girma haka ba.

Kuskure na biyu shi ne malama ta riƙa zaɓen mai shiga, tana kiran wanda ya fi nutsuwa. Niyyar mai kyau ce, amma ta rushe tsarin, domin yanzu layi ba ya zagayawa, sai wanda aka ga dama. Yaron da ya fi buƙatar koyon jira shi ne zai fara yanke ƙauna. Gara a bi hannun dama kullum, a kuma miƙa wani abu da ido ke gani, kamar ɗankwali, daga mai fita zuwa mai shiga.

Ba duk abin da ke dandali ya dace da aji ba. Wasan Jini-jini yana koyar da riƙe baki: jagora na jero sunayen dabbobi ana amsawa, sai ya sako wanda bai kamata a amsa ba. Horo ne mai kyau, amma dukan da ake yi wa wanda ya kuskure dole a bar shi, haka ma fitar da shi daga wasa. Carman Dudu kuwa, inda ake faɗawa da baya a cafe mutum, a bar wa manya. Hannun 'yar shekara huɗu ba zai tare ƙawarta ba.

Malaman azuzuwan share fage na Katsina, kafin ku fara waƙa gobe da safe, ku ƙirga yaran da ke da'irar. Idan sun haura goma, ku raba su.