Baƙi Ɗaya, Karatu Uku: Nazari Kan Ajami Mara Wasali

Masu sukar ajami sun daɗe suna cewa rubutu ne mai rikitar da mai karatu, wai kalma ɗaya takan karantu ta fuska uku ko huɗu. Zargin yana da tushe, amma ajamin da aka bari ba wasali kawai ya shafa. A makarantun allo na Ibeto da sauran garuruwan masarautar Kontagora, wadda Umaru Nagwamatse jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa, almajiri yakan fara da babbaƙu, wato haruffa tsurarsu, sannan ya shiga farfaru, inda ake koya masa fataha da kisira da rufu'a, da ɗaurin da ke nuna baƙin da wasali bai bi shi ba, da shaddar da ke nuna baƙin da aka ninka. Wanda ya rubuta Hausa da babbaƙu kaɗai ya tsaya ne a rabin abin da aka koya masa.

Al'adar barin wasali daga Larabci ta zo, domin a can aka daɗe ana rubutu babu waɗannan alamomi, har Abul Aswad Addu'ali ya shigo da ɗigogi, daga baya Halilu ɗan Ahmad ya tsara siffofin da ake amfani da su yau. Larabci yana iya jure rashinsu saboda kalmominsa a kan awo sananne aka gina su, ta yadda kaf da ta da ba ba za su wuce 'yan siffofi kaɗan ba, kamar kataba, ya rubuta, ko kutiba, an rubuta, ko kutub, littattafai, kuma nahawun jimla yakan fitar da guda. Hausa kuwa a kan gajerun wasula ta ɗora da yawa daga cikin wakilan sunanta, su ne kuma waɗanda ba su da harafi a ajami.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman matsalar. A ɗauka wasiƙa ta iso Ibeto ɗauke da kalmomi huɗu marasa wasali: ta farko kaf shi kaɗai; ta biyu kaf, alif, wau, wau; ta uku mim da nun; ta huɗu dal, wau, kaf, ya. Kalma ta biyu ba ta da gardama, domin alif da wau na ƙarshe sun nuna dogayen wasula, saboda haka kawo ce. Ta huɗu tana iya zama doki ko doke, tunda ya yana tsayawa ga dogon i da dogon e, amma gurbinta a jimla na suna ne, don haka doki ya tabbata. Rikicin yana ga ƙananan kalmomin nan biyu, domin kaf shi kaɗai yana iya zama ka ko ki ko ku, mim da nun kuma mini ko mana. Uku sau biyu ya ba da karatu shida, daga "ka kawo mini doki" har zuwa "ku kawo mana doki", kuma kowannensu Hausa ce ingantacciya. Gaisuwar da ke kan wasiƙar takan nuna ko namiji ake nufi ko mace ko jama'a, karatun ya ragu zuwa biyu, amma babu abin da zai raba mini da mana, alhali bambancinsu shi ne ko mutum ɗaya ke neman dokin ko gida duka.

Sunayen wurare sun fi haka haɗari, musamman a ƙasar Magama inda Kambari suke da yawa kuma sunaye da dama ba na Hausa ba ne, domin ma'ana ba ta taimakon baƙon da bai taɓa jin sunan ba. Nun, sin, kaf, wau yana iya fitowa Nasko ko Nisko ko Nasaku, sai ɗan gari ne zai san na farko ake nufi. Wannan ne ya sa marubutan waƙoƙin ajami, tun zamanin Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, suka saba cika Hausarsu da wasali, har suka ari ɗigon imala daga ruwayar Warshu domin rubuta wasalin e.

Masu fifita boko, wanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939, sukan manta cewa shi ma yana da nasa giɓi. Boko yana rubuta gari ga mazaunin mutane da kuma abin tuwo, yana rubuta duka ga jimilla da kuma bugu, alhali ajami ya raba su, domin garin tuwo yana ɗauke da alif bayan baƙin farko, dukan bugu kuma yana da wau da alif. Gaskiya ne ajami bai cika raba o da u ba, kuma rubutun biyu duk ba sa nuna karin sauti. Amma a fagen tsawon wasali, wanda kalmomin Hausa masu yawa suka dogara da shi, ajami mai cikakken wasali ya fi boko na yau da kullum fayyace abin da marubuci yake nufi.