Gwanin da ke sauke wa fayil ɗin Excel nauyi

A ɗauki malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa a wata makaranta a Unguwar Tudu. Ɗalibansa 420 ne, layukan da ya cika ba su kai 500 ba, amma fayil ɗin ya kai megabait 38. Kafin ya buɗe, an shanye kofin shayi, cajin kwamfuta na ta raguwa, tura shi zuwa Gwarzo ta waya kuwa sai data ta ƙare. Wanda bai sani ba zai ce kwamfutar ce ta tsufa. Gwanin aikin, irin wanda ake samu a shagunan buga takardu, ba ya goge komai sai ya gano inda nauyin yake, kuma nan ne gwanintarsa take burge ni.

Da farko yana ajiye kwafi, ya mayar da ƙarshen sunan kwafin daga .xlsx zuwa .zip. Tun daga Excel 2007, irin wannan fayil ƙunshi ne na ƙananan fayiloli, don haka yana buɗuwa kamar jaka. Idan ya ga sheet1.xml a cikin xl/worksheets ya kumbura, matsalar tana cikin gidajen shafin. Idan kuwa xl/drawings ko xl/media ne suka yi ƙiba, to akwai hotuna da zane-zane a ɓoye. Cikin minti ɗaya ya san ƙofar da zai bi.

Sai ya koma kan shafin ya danna Ctrl+End. Wannan yana kai mutum gida na ƙarshe da Excel yake lissafawa a matsayin wanda aka yi amfani da shi. A misalinmu, bayanai sun tsaya a N425, amma ya tsinci kansa a N1048576, wato layin ƙarshe da shafi ke da shi. Yawanci wani ne ya taɓa ja wa gidaje iyaka ko launi har ƙasa, ko ya jawo fomula ya zarce. Ido yana ganin fili, Excel kuwa yana ɗauke da gidaje miliyoyi, kamar buhun da ƙaiƙayinsa ya fi tsabarsa yawa.

A nan ɗan koyo yake tuntuɓe: yana zaɓar layukan ya danna maɓallin Delete, wanda rubutu kaɗai yake sharewa, adon gidajen yana nan. Gwani yana danna lambar layi na 426, ya riƙe Ctrl+Shift ya danna kibiyar ƙasa, sannan ya danna ɓangaren dama na linzami ya zaɓi Delete, layukan su fita ɗungurungum. Haka yake yi wa jerin tsaye daga O zuwa XFD. Sai ya adana, ya rufe, ya sake buɗewa, domin sau da yawa Ctrl+End ba ya nuna sabuwar iyaka sai an adana. Kafin duk wannan yana duba ko wata fomula tana ɗauko lamba daga can ƙasa, don kada ya wayi gari da #REF! a gurbin makin ɗalibai.

Saura ɓoyayyun abubuwa. Sau da yawa idan aka kwafo sunaye daga shafin intanet, ƙananan hotuna da akwatunan rubutu marasa komai suna biyowa. Idan aka cire layin da suke kai, suna iya matsewa har su daina ganuwa, kuma duk kwafin layi yana ƙara musu yawa. Alt+F10 yana buɗe Selection Pane, inda suke bayyana da sunayensu. Don sanin adadinsu, gwani yana danna Alt+F11, sannan Ctrl+G, ya rubuta wannan ya danna Enter:

```
?ActiveSheet.Shapes.Count
```

Idan amsa ta fito dubbai alhali tambarin makaranta kaɗai aka san da shi, an kama ɓarawon. Idan aka koma kan shafin, F5, sannan Special, sannan Objects yana zaɓo su duka. Amma yana haɗawa da tambarin da duk wani zanen ƙididdiga, shi ya sa gwani yake fara kwashe masu amfani zuwa wani fayil kafin ya share sauran.

Dabarar tana da iyaka. Idan bayan wannan fayil ya rage nauyi amma yana jinkiri, sai a tuhumi fomuloli ko ɓoyayyun shafuka. In ba haka ba, sakamakon ɗalibai 420 bai kamata ya kai ko megabait 1 ba. Malam, idan za ka liƙa abin da ka kwafo, zaɓi Paste Special, sannan Values ko Text, kuma ka riƙa danna Ctrl+End a ƙarshen kowane zangon karatu kafin ka tura fayil.