Lambar da ke tsakanin 0 da 1

Gwanin gyaran hoton kaya da Stable Diffusion, a hannunsa ake gane shi idan ya zo kan lamba ɗaya, wadda manhajar AUTOMATIC1111 ta rubuta `Denoising strength`. Kafin na'ura ta zana komai, sai ta fara ɓata hoton da aka ba ta da dishi-dishi, irin na talabijin da ta rasa tasha, sannan ta bi tana wankewa tana cike gurbi da abin da umarni ya ce. Wannan lamba ce ke yanke yawan ɓarnar farko. Ƙananan abubuwa su ke fara nutsewa, launi da fasali kuwa sai can ƙarshe.

A ce mai sayar da humra ta kawo hoton kwalbarta, murfi ruwan gwal, da takarda mai ɗauke da sunan kayan, an ɗauka a kan teburin roba. So take teburin ya koma na marmara. A wajajen 0.25 kwalba tana nan daram, haske ya ɗan gyaru, amma teburin roba ko gezau, duk yadda aka nanata marmara a umarni. Da an kai 0.5 marmara ta fara leƙowa, sai dai haruffan takarda sun narke sun zama wani rubutu da ba na kowane harshe ba, zanen murfi ma ya sauya. A 0.75 hoto ya yi kyan gaske, kuma nan ne haɗarin: kwalba ce mai launi iri ɗaya, tsaye a wuri ɗaya, amma ba tata ba ce. Mai saye zai ga bambancin ranar da kaya suka iso.

Abin da ke burge ni da gwani shi ne ba ya caca. Yakan kulle `Seed` don kada komai ya motsa sai wannan lamba, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, idonsa na kan rubutu da bakin murfi, don can ɓarna ke fara bayyana. Ya kuma san cewa a `diffusers` lambar tana rage matakan aiki: matakai 50 a kan 0.3, guda 15 kawai za su gudana.

Ko an sauke ta ƙasa sosai, ƙaramin rubutu bai tsira ba, domin ana matse hoto mai 512×512 ya koma 64×64 kafin a fara aiki, kuma matsewar kaɗai takan lanƙwasa haruffa. Shi ya sa ba ya neman lamba guda da za ta ba shi marmara ta kuma bar masa kwalba. Sai ya koma `Inpaint`, ya shafe teburi da bango kaɗai, ya ɗaga lambar zuwa 0.8 a can, daga baya ya yanko takardar daga hoton asali ya mayar da ita mazauninta, ya duba ko inuwar gindin kwalba ta bi inda haske ya fito.