Titireshan na Komawa Baya: Martani ga Masu Cewa Zagaye Ne

Akwai malaman kimiyyar sinadarai da ke ganin titireshan na komawa baya wahalar da ɗalibi ne kawai. Wai me zai hana a ɗiga asid kai tsaye a kan ƙwayar maganin ƙwannafi har launi ya juya? Mai wannan magana bai taɓa tsayawa gaban burat yana jiran alli ya narke ba. Yawancin ƙwayoyin nan CaCO3 ne ko Mg(OH)2, ba sa narkewa a ruwa, asid kuma a hankali yake cin su. Launi zai juya, ka rubuta, can sai ya koma yadda yake. Tun ƙarni na 19 masana suka san mafita, wato a zuba asid fiye da kima, sannan a auna abin da ya rage.

A ce takardar magani ta nuna miligiram 500 na CaCO3. Ka daka ƙwayar, ka zuba mata mililita 50.0 na HCl mai ƙarfin mola 0.500, wato milimol 25.0. Bayan ta narke, sai ka ɗiga NaOH mai ƙarfi iri ɗaya. Idan mililita 30.2 ya shiga kafin finolftalin ya yi ja-ja, ragowar asid milimol 15.1 ne, ƙwayar ta cinye 9.9 ke nan.

CaCO3 + 2HCl → CaCl2 + H2O + CO2

Tunda kowane CaCO3 ɗaya HCl biyu yake ci, sai a raba 9.9 gida biyu, a ninka da 100.1, a samu kusan miligiram 495.

Lissafin ba shi da wuya. A ganina, gwanintar aikin tana wurin tafasawa, matakin da masu gaggawa ke tsallakewa. Iskar CO2 ɗin nan ba duka take fita da kumfa ba; wadda ta zauna a ruwa asid ce mai rauni, ita ma tana shan NaOH. Sai burat ya nuna ragowar asid ta fi gaskiyarta yawa, a ɗora wa ƙwayar laifin rashin ƙarfi alhali lafiyarta lau. Alamar hakan ita ce launin ya riƙa jan ƙafa, ya bayyana ya ɓace, maimakon ya juya a ɗigo guda. Shi ya sa ake ɗora fulas a wuta ya tafasa a hankali na 'yan mintoci, a bar shi ya huce. A hankali fa, domin in ya fantsama asid ya zube, sai ƙwayar ta fito da ƙarfin da ba nata ba.

Finolftalin ma yana da iyaka. In akwai Al(OH)3 a ƙwayar, NaOH zai sake haifar da shi kafin launi ya juya, ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, sakamakon ya ragu. Saboda haka ma'aunin magunguna na Amurka yake tsayawa a pH 3.5. Malam, karanta takardar maganin kafin ka zaɓi abin nuna launi.